Juyin mulkin 1966 a takardar jarrabawa: yadda ake tsara tambaya ba tare da an ɗauki ɓangare ba

Idan lokacin jarrabawar kammala sakandare ya zo, ɗalibin da ke zaune a aji a Zariya da takwaransa na Inugu da na Ibadan takarda ɗaya ake miƙa musu, a rana ɗaya, a sa'a ɗaya. In ta lissafi ce, magana ta ƙare, domin biyu a tara da biyu huɗu ne a ko'ina. Amma darasin Gwamnati da na Tarihi sun ƙunshi mulkin soja da rikice-rikicen Jamhuriya ta Farko da yaƙin basasa, kuma waɗannan yara uku kowannensu ya shigo ɗakin jarrabawa da labarin da ya ji a gida game da daren 15 ga Janairun 1966. Na Zariya ya tashi yana jin cewa a daren ne aka kashe Sardauna da Tafawa Ɓalewa. Na Inugu ya fi jin abin da ya biyo baya, wato kashe-kashen da aka yi wa mutanensu a biranen Arewa a cikin wannan shekara. Na Ibadan kuwa ya san cewa Firimiyan jiharsu ma, Akintola, a daren ya rasa ransa.

Wanda aka ɗora wa alhakin rubuta tambaya a kan wannan dare yana da aiki ɗaya: ya auna abin da yaro ya sani da yadda yake iya kafa hujja. Da zarar kalmomin tambayar sun sa wani yaro ya sami maki saboda labarin gidansu ya dace da ra'ayin mai tambayar, wani kuma ya rasa saboda nasa bai dace ba, to ma'aunin ya karkace. Sakamakon kuma ba wasa ba ne, tunda da shi ake neman gurbi a jami'a, musamman ga mai son karanta aikin lauya ko kimiyyar siyasa.

Abin da ya tabbata da abin da ake jayayya a kansa

Mataki na farko, tun kafin a rubuta kalma ɗaya, shi ne a raba al'amarin gida biyu. Akwai abin da babu masanin tarihin da ke musa shi. A daren, wasu hafsoshin soja, galibinsu masu muƙamin Manjo, sun yi yunƙurin kifar da gwamnati. An kashe Firimiyan Arewa, Sir Ahmadu Bello, a gidansa da ke Kaduna, an kashe Firimiyan Yamma, Samuel Ladoke Akintola, a Ibadan. An ɗauke Firaminista Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ministan Kuɗi Festus Okotie-Eboh a Legas, aka tsinci gawarwakinsu bayan 'yan kwanaki. Cikin manyan sojojin da aka kashe akwai Birgediya Zakariya Maimalari da Kanar Kur Mohammed da Laftanar Kanar Abogo Largema da Laftanar Kanar James Pam daga Arewa, da Birgediya Samuel Ademulegun da Kanar Ralph Shodeinde daga Yamma, da kuma Laftanar Kanar Arthur Unegbe, wanda ɗan ƙabilar Ibo ne. Firimiyan Gabas, Michael Okpara, da na Yamma ta Tsakiya, Dennis Osadebay, ba a taɓa su ba. Shugaban ƙasa Nnamdi Azikiwe yana ƙasar waje. Mafi yawan jagororin yunƙurin 'yan ƙabilar Ibo ne, irin su Chukwuma Kaduna Nzeogwu da Emmanuel Ifeajuna, amma akwai Bayarabe a cikinsu, Adewale Ademoyega. Mulki bai faɗa hannunsu ba, ya koma hannun babban kwamandan soja, Manjo Janar Aguiyi-Ironsi, shi ma ɗan ƙabilar Ibo.

Duk wannan ana iya tambayarsa kai tsaye, a ba da maki ko a hana, babu wanda zai ce an zalunce shi.

Gida na biyu shi ne manufa da suna. Shin shiri ne na ƙabila ɗaya domin ta mallake ƙasa, ko kuwa bore ne na matasan hafsoshi da suka gaji da cin hanci da maguɗin zaɓe da rikicin Jihar Yamma, aikin ya tafi ba daidai ba? Masu ra'ayi na farko suna nuna jerin waɗanda aka kashe da waɗanda aka bari, da rashin gurfanar da masu yunƙurin a gaban kotu a zamanin Ironsi, da Dokar Soja mai lamba 34 ta watan Mayun 1966 wadda ta rushe tsarin tarayya. Masu ra'ayi na biyu suna nuna kisan Unegbe, da kasancewar Ademoyega a cikin shirin, da iƙirarin wasu daga cikin masu yunƙurin cewa niyyarsu ita ce su fito da Obafemi Awolowo daga kurkukun Kalaba su damƙa masa mulki. Suna ƙarawa da cewa Nzeogwu a Kaduna aka haife shi, yana jin Hausa kamar jakin Kano, kuma hafsoshin Ibo na cikin waɗanda suka murƙushe yunƙurin. Kusan shekara sittin ke nan ana wannan muhawara, ba ta mutu ba. Duk kalmar da ta yanke hukunci a cikinta, ba ta da gurbi a jikin tambaya.

Tambaya ɗaya, an warware ta

Waɗannan darussa da Turanci ake jarraba su a hukumomin WAEC da NECO, amma lahanin kalma iri ɗaya ne a kowane harshe. Misalan da ke tafe an ƙirƙire su ne domin bayani, ba daga takardar wata hukuma aka ɗebo su ba. A ce malami ya kawo wannan daftari:

"Bayyana dalilai biyar da suka sa hafsoshin Ibo suka yi wa shugabannin Arewa kisan gilla a juyin mulkin ƙabilanci na 1966."

Mai karatu a Kano zai iya wuce ta ba tare da ya ga wani aibi ba, domin haka ya saba jin maganar. Amma a duba abin da ta ɗauko. "Hafsoshin Ibo" ta share Ademoyega. "Shugabannin Arewa" ta share Akintola da Okotie-Eboh da Ademulegun da Shodeinde da Unegbe. "Juyin mulkin ƙabilanci" ta amsa ainihin tambayar da ake gardama a kanta tun kafin ɗalibi ya ɗauki biro. Mafi ɓoyuwa duka shi ne "dalilan da suka sa", domin duk tambayar da ta fara da neman dalili ta riga ta ɗauka cewa abin da ke bayanta gaskiya ne. Ɗalibin da bai yarda da wannan tushe ba ya shiga tsaka mai wuya: ko ya rubuta abin da yake ganin ba haka ba ne domin ya tsira da makinsa, ko ya ɓata minti goma yana gardama da tambayar, mai duba takarda ya ce ya kauce daga abin da aka tambaye shi.

Yanzu ga kishiyarta, irin wadda wani malamin a wani yanki zai iya kawowa da zuciya ɗaya:

"Bayyana dalilai biyar da suka tilasta wa matasan hafsoshi masu kishin ƙasa yin juyin juya halin 1966 domin ceto Najeriya daga ruɓaɓɓun 'yan siyasa."

Cutar ɗaya ce, fuska ce kawai ta juya. "Tilasta" ta wanke su daga laifi, "masu kishin ƙasa" ta yaba musu, "juyin juya hali" suna ne da su masu yunƙurin suka raɗa wa aikinsu, "ruɓaɓɓu" kuma ta yanke wa matattu hukunci. Babban abin lura shi ne, a wannan tambaya babu kisa ko kaɗan. An goge shi.

Gyaran yana farawa ne daga suna. Inda al'amari yake da sunaye biyu, kowane ɓangare da nasa, sai a koma ga kwanan wata da bayanin abin da ya faru: "juyin mulkin soja na 15 ga Janairun 1966". Haka ma na biyu, wanda aka kashe Ironsi da mai masaukinsa Adekunle Fajuyi a Ibadan, sai a ce "juyin mulkin 29 ga Yulin 1966", a bar "na ramuwar gayya" ko "na 'yan Arewa" su fito daga alƙalamin ɗalibi in yana da hujja. Daga nan sai a raba tambayar yadda kowane sashe zai auna abu ɗaya:

"(a) Ambaci shugabannin farar hula uku da suka rasa rayukansu a juyin mulkin soja na 15 ga Janairun 1966, tare da muƙamansu.
(b) Bayyana dalilai uku da masu juyin mulkin suka bayar na matakin da suka ɗauka.
(c) Bayyana dalilai uku da suka sa mutane da yawa a Jihar Arewa suka ɗauki juyin mulkin a matsayin shiri na ƙabilanci."

Sashe na (a) ya fito ne daga gidan abin da ya tabbata. A (b) da (c) kuwa, dabarar ita ce jingina magana ga mai ita. Ba a ce wa ɗalibi dalilan gaskiya ne ba, an ce "dalilan da suka bayar". Ba a ce shiri ne na ƙabilanci ba, an ce "suka ɗauka". Cewa Nzeogwu ya yi jawabi a rediyon Kaduna yana zargin masu cin hanci abu ne da ya faru. Cewa jama'ar Arewa da dama sun fassara lamarin da ƙabilanci shi ma abu ne da ya faru, kuma shi ya share fagen abin da ya auku a Mayu da Yuli. Yaron Zariya zai iya amsa (b) ba tare da ya ci amanar kakansa ba, yaron Inugu zai iya amsa (c) haka nan, kuma dole kowannensu ya san hujjar ɗaya ɓangaren kafin ya ci cikakken maki.

Inda son kai ya fi ɓuya

Tambaya tana iya fitowa tsaf, sai son kai ya koma ya laɓe a takardar da ɗalibi ba ya gani, wato jagorar bayar da maki. Ita ce ke hannun dubban malaman da ke duba takardu, kuma a kanta ake zaman daidaita maki kafin a fara aiki. A ce an ƙara wa tambayar sashe na huɗu ga ɗaliban Tarihi: "Ka yarda cewa ƙabilanci ne babban abin da ya haddasa juyin mulkin? Kawo hujjojinka." Idan jagorar ta jero hujjoji takwas na "e" da guda biyu kacal na "a'a", to an riga an yanke hukunci. Mai duba takarda da ya gaji, ga tarin takardu a gabansa, abin da ke cikin jerin yake nema. Yaron da ya kawo hujja mai kyau wadda ba ta cikin jerin zai dogara ne ga sa'ar wanda takardarsa ta faɗa hannunsa.

Jagora mai kyau tana jero hujjojin ɓangarorin biyu da nauyi kusan ɗaya, tana kuma faɗa ƙarara cewa maki yana bin ingancin hujja ne, ko wane matsayi ɗalibi ya ɗauka. A ce sashen yana da maki goma. Ana iya ware huɗu ga sahihancin bayanai, wato sunaye da kwanaki da jerin aukuwa, huɗu ga yadda ɗalibi ya ɗaura hujja a kan matsayinsa, biyu kuma ga ambaton hujjar da ta saɓa wa tasa da yadda ya amsa ta. A wannan tsari, wanda ya ce ƙabilanci ne, ya kawo jerin waɗanda aka kashe, ya kuma yi bayanin kisan Unegbe, zai iya cin goma. Wanda ya ce ba ƙabilanci ba ne, ya kawo rikicin zaɓen 1964 da na Jihar Yamma a 1965, ya kuma fuskanci tambayar me ya sa Okpara ya tsira, shi ma zai iya cin goma. Wanda ya cika shafi biyu da zagi ko yabo kuwa, komai zafin alƙalaminsa, ba zai wuce biyu ba.

Tambayoyin zaɓi, waɗanda ɗalibai ke kira objektif, su ne mafi haɗari, domin amsa ɗaya ce tak ake karɓa kuma na'ura ce ke dubawa. Babu damar kawo hujja. Tambaya irin "Babban dalilin juyin mulkin Janairun 1966 shi ne: A. ƙabilanci B. cin hanci C. rikicin Jihar Yamma D. burin hafsoshi" ba ta gyaruwa ko da an wanke kalmominta, saboda kowanne daga cikin huɗun akwai masanan da ke riƙe da shi. Duk wanda aka zaɓa a matsayin daidai, hukuma ta ɗauki ɓangare. Ƙa'idar da ƙwararru ke bi mai sauƙi ce: abin da ake jayayya a kansa ba ya shiga tambayar zaɓi. A nan sai a tsaya ga irin "Wace doka ce ta rushe tsarin tarayya a watan Mayun 1966?" Har zaɓuɓɓukan da ba daidai ba ma sai an lura da su. Idan aka saka ra'ayin wata al'umma a matsayin amsar banza da ake yaudarar marar karatu da ita, an aika musu saƙo ke nan cewa abin da suka yi imani da shi kuskure ne na jahilai.

Kauce wa ɓangare ba ɓoye gaskiya ba ne

Akwai wani rami a ɗaya gefen hanya, wanda masu tsoron rigima suka fi faɗawa. Shi ne a yi ta goge kalmomi har a rasa abin da ya faru. "Abubuwan da suka auku a 1966", "sauyin gwamnati", "rashin jituwar da aka samu". An kashe Sardauna a gidansa, kuma tambayar da ta kira wannan "sauyin gwamnati" ta yi ƙarya. Haka nan an kashe dubban 'yan asalin Jihar Gabas a garuruwan Arewa a watan Mayu da kuma Satumba zuwa Oktoban 1966, abin da ya sa ɗimbin jama'a suka yi ƙaura zuwa Gabas. Tambayar da ta kira wannan "hatsaniya" ita ma ta ɗauki ɓangare, ta hanyar rage girman abu.

Mafita ita ce aikatau maras ado. "Kashe" kalma ce da ke faɗin abin da ya faru. "Kisan gilla" da "kisan kiyashi" da "kisan ƙare dangi" kowacce tana ɗauke da hukunci, ta ƙarshen ma kalma ce ta shari'ar ƙasa da ƙasa wadda ke buƙatar a tabbatar da niyya. Ana iya sa ɗalibin jami'a ya tattauna ko ta dace da wani lamari, amma ba a shimfiɗa ta a matsayin tushen tambaya. Sannan ma'aunin da aka yi wa wannan shi za a yi wa wancan. Idan takarda ta ce hafsoshi "sun kashe" shugabanni a Janairu, amma a Satumba ta ce mutane "sun rasa rayukansu" kamar ambaliya ce ta ci su, mai lura zai gane inda zuciyar marubucin take. Adadi ma haka: yawan waɗanda aka kashe a 1966 da waɗanda suka mutu a yaƙin basasa, daga Yulin 1967 zuwa Janairun 1970, ƙiyasi ne da ya sha bamban daga littafi zuwa littafi. Saka adadi ɗaya a tambaya tamkar zaɓar littafi ɗaya ne a kan sauran.

Malaman da ke fassara darasi da Hausa a aji, ko suke tsara gwajin zango, suna da nasu ƙarin nauyi. Sunan nan da aka saba kiran 'yan ƙabilar Ibo da shi a kasuwa, da yawansu suna jin sa a matsayin raini, don haka ba shi da wuri a allo balle a takarda. Ko tsakanin "yaƙin basasa" da "yaƙin Biyafara" akwai ɗan bambanci, duk da cewa bakin Bahaushe ya saba da duka biyun. Na farkon shi ne sunan da manhaja ta sani.

Darasin Hong Kong

Wasu hukumomin jarrabawa suna ba ɗalibi gajerun nassoshi ya karanta kafin ya amsa, kuma zaɓen nassin shi ma magana ce. A watan Mayun 2020, a jarrabawar Tarihi ta kammala sakandare a Hong Kong, an tambayi ɗalibai ko sun yarda cewa Japan ta amfani China fiye da yadda ta cutar da ita tsakanin 1900 da 1945. Salon tambayar sananne ne a can: a kawo iƙirari, a ce ɗalibi ya yarda ko ya ƙi, da hujja. Amma nassoshi biyun da aka haɗa da ita duka daga farkon wannan zamani suke, ɗaya a kan karatun ɗaliban China a Japan, ɗaya a kan neman rance daga wani kamfanin Japan. Babu wanda ya taɓo mamayar da Japan ta yi wa China daga baya, wadda miliyoyin mutane suka mutu a cikinta. Hukumar ilimi ta yankin ta ce tambayar tana jan ɗalibi zuwa gefe ɗaya kuma ta sosa ran jama'a. Malaman tarihi da dama sun kare ta, suna cewa an umarci ɗalibi ya yi amfani da nasa ilimin, kuma duk mai karatu zai kawo mamayar da kansa. Ƙarshenta dai aka soke tambayar bayan ɗalibai sama da dubu biyar sun riga sun amsa ta, aka ƙiyasta musu maki daga sauran amsoshinsu. Wani ɗalibi ya garzaya kotu, bai yi nasara ba.

Ko ma wane gefe mutum ya tsaya a wannan rigima, wadda siyasar yankin ta lulluɓe, waɗanda suka yi asara su ne yaran da suka ba tambayar lokacinsu. Da a ce nassi ɗaya ya fito daga shekarun yaƙi, da hujjar masu neman sokewa ta yi rauni ƙwarai. In aka dawo kan 1966, wanda zai kawo guntun jawabin Nzeogwu a takarda, wajibi ne ya ajiye masa na wani daga ɗaya ɓangaren a gefensa, masu tsawo kusan ɗaya, kowanne da sunan mai shi da shekararsa.

Yadda ake gane tambaya ta karkace

Gwaji mafi arha shi ne musanya. A ɗauki tambayar, a sauya sunayen ɓangarorin, a sake karantawa. Idan an rubuta "me ya sa sojojin Arewa suka yi tawaye a Yuli", a gwada "me ya sa sojojin Gabas suka yi tawaye a Janairu". In ɗaya ta yi daɗin ji ɗaya ta yi ɗaci, kalmar da ke ciki ba ta tsaya a tsakiya ba. Wani gwajin shi ne a tambayi kai ko za a iya gane garin marubucin daga tambayarsa. In za a iya, da sauran aiki.

Sai dai mutum ba ya ganin ƙeyarsa. Shi ya sa hukumomin jarrabawa ba sa barin tambaya ta tafi ɗab'i daga hannun mutum ɗaya, sai ta bi ta kwamitin tantancewa. A irin wannan batu amfanin kwamitin yana ga bambancin mutanen cikinsa. Malamai biyar da suka yi karatu a jami'a ɗaya, suka karanta littattafai iri ɗaya, za su amince da juna cikin minti biyar, kalmar da za ta tayar da ƙura a wani yanki ta wuce ta gabansu ba su gan ta ba.

Bayan jarrabawa kuma alƙaluma suna magana. Masana awon ilimi suna kwatanta ɗaliban da ƙoƙarinsu ya zo ɗaya a sauran takardar. A ɗauka, a matsayin misali, an ware duk waɗanda suka ci tambaya 35 cikin 50. Idan a wani yanki 80 cikin ɗari na irin waɗannan sun ci tambaya ta 22, a wani yankin kuma 45 ne kacal, alhali a sauran tambayoyin tafiyarsu ɗaya, to tambaya ta 22 tana auna wani abu ban da ilimi. Wannan ba hukunci ba ne kai tsaye, domin yana yiwuwa littafin da ake koyarwa da shi a wani yanki bai taɓo batun ba. Alama ce dai ta a ciro tambayar a sake karanta ta, a duba wace amsa yaran da suka faɗi suka fi zaɓa. In aka tarar sun taru a kan zaɓi ɗaya wanda ya dace da labarin yankinsu, an gano inda gizo ke saƙa.

Iyakar da ke motsi

Layin da ya raba tabbatacce da abin jayayya ba ya zama wuri ɗaya har abada, kuma zaɓen 12 ga Yunin 1993 ya nuna haka. An soke zaɓen ne kafin hukumar zaɓe ta Farfesa Humphrey Nwosu ta kammala bayyana sakamako, saboda haka shekaru da yawa lafazin da mai taka-tsantsan ke amfani da shi ga Moshood Abiola na jam'iyyar SDP shi ne "wanda ake kyautata zaton ya lashe zaɓen" da ya kara da Bashir Tofa na NRC. A 2018 gwamnatin Muhammadu Buhari ta mayar da 12 ga Yuni Ranar Dimokuraɗiyya, ta kuma ba Abiola lambar GCFR, wadda aka saba ba shugabannin ƙasa. A Fabrairun 2025, Janar Ibrahim Babangida, wanda a zamaninsa aka soke zaɓen, ya amince a littafin tarihin rayuwarsa cewa Abiola ne ya yi nasara. Tambayar da aka rubuta shekara ashirin da suka wuce tana iya zama a rumbun tambayoyi da tsohon lafazinta, kuma tana buƙatar a sake duba ta kafin a fito da ita.

Amma littafin da ya rufe wannan ƙofa ya buɗe wata. Babangida ya ɗauki alhakin abin da ya faru a matsayinsa na shugaba, tare da cewa wasu hafsoshi ƙarƙashin jagorancin Janar Sani Abacha ne suka sa aka sanar da sokewar ba da izininsa ba. Iyalan Abacha sun musanta. Saboda haka a yau ana iya tambayar ɗalibi kai tsaye wace gwamnati ce ke kan mulki lokacin da aka soke zaɓen, amsa kuma ɗaya ce. Wanda ya ba da umarnin kuwa, sai dai a ce masa ya kwatanta abin da Babangida ya faɗa da abin da masu musa masa suka faɗa, a ware maki daidai ga kowanne a jagorar masu duba takardu.